Lambar xG ba alƙalin wasa ba ce

A daren 28 ga Mayun 2022 gidan kallon ƙwallon unguwarmu ya cika har bakin ƙofa, wasu a kan benci, wasu a tsaye sun jingina da langa-langa. Wasan ƙarshe ne na Gasar Zakarun Turai tsakanin Liverpool da Real Madrid a Paris, kuma sai da aka yi jinkirin fiye da rabin sa'a kafin a take leda. Da aka tashi Madrid na da ci ɗaya, Liverpool na nema, sai wani ƙanina na unguwa, sanye da jar riga, ya miƙo mini wayarsa hannunsa na rawa. Ya ce, "Yaya, don Allah duba nan. xG ɗinmu ya haura 2, nasu ko 1 bai kai ba. Wallahi ƙwace aka yi mana." Wani dattijo mai goyon bayan Madrid da ke zaune a gefena ya juyo ya ce masa, "Yaro, a raga ake ƙirga ƙwallo, ba a waya ba."

Na daɗe ina juya maganganun nan biyu a raina. Ban yarda da dattijon ba, domin lambar da yaron ya nuna tana faɗin gaskiya game da wasan. Amma shi ma yaron ya ɗora mata kayan da ba za ta iya ɗauka ba. A ganina xG ma'auni ne mai kyau ƙwarai na irin damar da ƙungiya ke samu a tsawon lokaci, amma kuskure ne a mai da shi alƙalin da zai yanke hukuncin wanda ya cancanci cin wasa guda.

Sunan ma shi ne farkon ruɗani. In aka juya shi zuwa Hausa, ma'anarsa ƙwallayen da ake sa ran ci, sai mai ji ya ɗauka alkawari ne, kamar bashin da dole a biya. Alhali tambaya ɗaya tak lambar ke amsawa: a cikin duk bugun da aka taɓa yi zuwa raga daga irin wannan wuri, a irin wannan yanayi, nawa ne suka shiga? Kamfanonin da ke tattara bayanan wasanni, irin su Opta da StatsBomb, suna da tarihin dubban ɗaruruwan bugu. Kowanne an rubuta nisansa daga raga, da yadda bakin ragar ya buɗe ga mai bugun, ko yana fuskantarta ne ko ya matse a gefe, da ƙafa aka buga ko da ka, da kuma yadda ƙwallon ta iso masa, ta sama daga kwana ne ko an zura masa ita ta ƙasa a bayan 'yan baya. Idan aka tara bugu dubu masu kama da juna aka ga 100 sun shiga, to kowane sabon bugu irinsu ana ba shi 0.10. Shi ke nan. Sai a tara na duk bugun da ƙungiya ta yi a wasa, a samu lambar da ake nunawa a allo.

Fenareti shi ne misali mafi sauƙi, tunda wuri ɗaya ake ajiye ƙwallo, yadi 12 daga raga, kuma babu mai tare ka sai mai tsaron gida. Kamfanoni suna ba shi tsakanin 0.76 da 0.79, wato a cikin huɗu kusan uku suna shiga. Bugun da ake yi daga wajen yadi na 18 kuwa, irin wanda ke sa gidan kallo ya miƙe tsaye da ihu, yawanci 3 ne ko 4 a cikin 100 ke shiga. In aka haɗa kowane irin bugu, kusan ɗaya a cikin goma ne ke zama ci. Wannan ba sabon gano ba ne. Wani Bature mai suna Charles Reep, da ya fara rubuta abin da ke faruwa a wasanni da fensir da takarda tun 1950, ya kai ga kusan wannan adadi. Abin da ya sauya shi ne yawan bayanai. A 2012 Sam Green na kamfanin Opta ya yi rubutun da ya taimaka wajen yaɗa ma'aunin, a 2017 kuma BBC ta fara nuna shi a shirinta na wasannin Firimiya, daga nan ya shigo wayoyinmu.

Amfaninsa na farko, wanda nake so dattijon ya yarda da shi, shi ne yana gyara mana ido. Mu masu kallo muna tuna ƙwallon da aka ci daga nesa shekara da shekaru, mu manta da talatin ɗin da suka tafi sama ko suka daki ƙafar ɗan baya. Haka kuma muna saurin cewa "wannan ai ko makaho zai ci", alhali damar da muke kira ta banza sau da yawa 0.35 ce ko 0.40, wato ɓarar da ita ya fi cin ta yawa, ko a ƙafar ƙwararre.

To mu koma Paris. Liverpool ta buga ƙwallo zuwa raga sau 24, Madrid ko biyar ba ta kai ba. Kamfanoni sun ɗan saɓa a lissafi, amma gaba ɗaya sun ba Liverpool sama da 2 kaɗan, Madrid ƙasa da 1. Mu ɗauki 2.2 da 0.9 don sauƙin lissafi. Abin da yaron bai yi ba shi ne raba 2.2 gida 24. In ka raba, a matsakaici kowane bugu kusan 0.09 ne. Ma'ana, wannan babbar lamba ba ta fito daga manyan damammaki biyu ko uku ba, tarin ƙanana ne da matsakaita, kamar mai tara kwabo-kwabo. Yanzu sai mu tambaya: idan kowane bugu yana da kashi 91 cikin 100 na rashin shiga, mene ne yiwuwar duka 24 su ƙi shiga?

```
0.91 ^ 24 ≈ 0.10
```

Kusan sau ɗaya a cikin goma ke nan. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, amma ba abin al'ajabi ba ne. A kakar Firimiya mai wasa 380, irin wannan dare yana zuwa a kai a kai. Na kuma yi lissafin wasan gaba ɗaya da waɗannan lambobi biyu, sai na ga mai 2.2 yana cin wasa kusan sau biyu cikin uku, ana canjaras kusan sau ɗaya cikin biyar, mai 0.9 kuma yana yin nasara kusan sau ɗaya cikin bakwai. Saboda haka ita kanta lambar ba ta ce dole Liverpool ta ci ba. Cewa ta yi Liverpool ta fi samun dama, kuma ta bar wa Madrid ƙofa a buɗe, ƙofar da ba ƙarama ba ce. Ƙwallon ƙafa wasa ne mai ƙarancin ci, ƙwallo uku ma ba a cika kaiwa ba a matsakaicin wasa, don haka minti 90 sun yi kaɗan a ce sa'a da rashinta sun daidaita.

Akwai wani abu a nan da ya cancanci a tsaya a kansa, domin mutane da yawa suna ɗauka 1.0 da 1.0 ɗaya ne. Ka ɗauki ƙungiya biyu. Ta farko ta samu dama biyu kacal, kowacce 0.5. Ta biyu ta yi ta bugu daga nesa har sau 20, kowanne 0.05. A allo dukansu 1.0 ne. Amma yiwuwar ta farko ta tashi ba ta ci komai ba kashi 25 ne cikin 100, ta biyu kuwa kusan 36. In suka kara da juna, mai manyan damammaki biyu tana cin wasa kusan sau 36 cikin 100, mai yawan bugu sau 31, sauran canjaras. Bambancin ba shi da yawa, amma yana nan, kuma jimillar da ake nuna mana ta haɗiye shi. A daren Paris Madrid ce mai babbar dama guda. A minti na 59 Valverde ya shigo ta dama ya sharara ƙwallo ta ƙasa ta ratsa gaban raga, Vinícius ya ɓullo ta bayan Alexander-Arnold ya tura ta ciki daga kusa. Babu wani bugun Liverpool da na gani a daren nan mai sauƙin wannan.

Sai kuma Courtois. Sau tara ya hana ƙwallo shiga, ciki har da ta Mané da ya taɓa da yatsu ta daki turke a zagayen farko, da ta Salah da ya kawar da hannu ana dab da tashi. Lambar xG ba ta san wanda ke raga ba. Ba ta ma san wanda ya buga ba. An gina ta ne da gangan a kan matsakaicin ɗan wasa yana fuskantar matsakaicin mai tsaron gida, kuma lissafinta yana tsayawa ne a daidai lokacin da ƙafa ta taɓa ƙwallo, kafin a san ko saman kusurwa ta nufa ko ƙirjin gola. Wannan ba aibu ba ne a wurinta, haka aka so ta kasance don a raba ingancin dama da ingancin mai bugu. Aibun yana wurin wanda ya karanta ta ya ce Madrid ba ta cancanta ba. Courtois ai ɗan wasan Madrid ne. Kuɗi suka sa suka saye shi daga Chelsea a 2018 don irin wannan dare. Ban ga dalilin da zai sa a kira aikin ɗan wasan gaba ƙwarewa, a kira na mai tsaron gida sa'a ba. Akwai wata lamba daban da ake rubutawa xGOT, wadda ke duba inda ƙwallon ta nufa a cikin raga bayan an buga ta, kuma ita ce ta dace da auna gola. Amma ba ita ce aka fi yawo da ita a waya ba.

Babban giɓin da ya fi damuna shi ne wannan: abin da ba a buga ba, babu shi a lissafi. Ana dab da tafiya hutun rabin lokaci Benzema ya zura ƙwallo a raga, aka daɗe ana dubawa a na'ura, aka soke ta saboda satar gida. A xG wannan hari sifili ne, kamar Madrid ba ta taɓa zuwa wurin ba, alhali duk wanda ke gidan kallo ya ga yadda bayan Liverpool ya tarwatse. Haka ƙwallon da aka ratsa da ita gaban raga ɗan wasa ya miƙa ƙafa ya rasa ta da taki ɗaya, ita ma sifili ce. Haka wanda ya tsere wa kowa ya rage shi da gola, sai golan ya fito ya ɗauke ta daga ƙafarsa kafin ya buga. A ɗaya gefen, ɗan wasan da ya rasa abin yi ya ɗirka ta daga yadi 30 ta tafi cikin 'yan kallo ya ƙara wa ƙungiyarsa 0.02. Wanne ya fi tayar wa koci hankali a cikin biyun, kowa ya sani.

Ko a cikin bugun da aka ƙirga, ba komai lambar ke gani ba. 'Yan Najeriya ba su manta da Durban ba, gasar cin Kofin Duniya ta 2010, wasanmu da Koriya ta Kudu da aka tashi 2 da 2. An miƙo wa Yakubu Aiyegbeni ƙwallo yana 'yan taku kaɗan daga raga, gola ba ya nan, ta fita ta gefen turke. Mintuna kaɗan bayan haka shi ɗin ne ya tsaya ya ci fenareti. Tsofaffin hanyoyin lissafin xG, waɗanda suka dogara da nisa da kusurwa da irin fasin kawai, ba za su san ragar fanko take ba. Za su jefa wannan bugu cikin kwando ɗaya da wasu da aka yi daga wuri guda amma gola na tsaye, 'yan baya biyu sun tare hanya, su ba su lamba ɗaya. Don gyara wannan ne StatsBomb ta fara rubuta inda gola da sauran 'yan wasa suke tsaye a daidai lokacin bugu, wasu kamfanonin ma suka inganta nasu. Shi ya sa za ka buɗe manhaja biyu ka ga wasa ɗaya, a nan 1.6, a can 2.1. Ba wanda ya yi ƙarya, kowa da bayanan da ya tara da yadda ya auna su. Amma wannan kaɗai ya isa ya hana mutum yin musu a kan bambancin 0.3.

Tarawar ma tana da nata tarko. A ce an ba da fenareti mai 0.78, gola ya tare, ta dawo wa mai bugun ya sake bugawa daga kusa, a ba wannan 0.60. In aka tara kai tsaye an samu 1.38 daga hari guda, alhali hari guda ba ya haifar da ƙwallo fiye da ɗaya, kuma da na farko ya shiga, da ba a yi na biyu ba. Lissafin da ya dace shi ne a ɗauki yiwuwar ɓarar da duka biyun, 0.22 sau 0.40, a cire daga 1, sai a samu kusan 0.91. Wasu kamfanoni suna yin wannan gyara, wasu ba sa yi, kuma ba a rubuta maka a allon talabijin.

Sannan yanayin wasa yana lanƙwasa lambar. Ƙungiyar da ta ci da wuri takan ja baya ta tsare gida, ta bar abokiyar hamayya ta yi ta bugu daga inda ba ya cutarwa. Wadda ake ci kuwa dole ta fito, xG ɗinta ya yi ta hawa. A ƙarshe sai ka ga wadda ta sha kashi ita ce a sama, ka ɗauka ta fi iya wasa, alhali dalilin da ya sa ta tara lambar shi ne an riga an ci ta. Don adalci, a Paris ba wannan ne kaɗai ya faru ba, domin tun kafin Vinícius ya ci Liverpool ce ke kai hari. Amma rabin sa'ar ƙarshe Madrid ba ta da bukatar fita neman komai, kuma wasan da aka buga bayan minti na 59 ba shi ne wanda za a buga ba da ana nan babu ci.

Duk da wannan jerin ƙorafi, ba na goyon bayan masu cewa a watsar da ita. In aka ba ta lokaci tana ganin abin da teburi ya ɓoye. Brighton ta kakar 2020 zuwa 2021, ƙarƙashin Graham Potter, ita ce misalin da kowane mai bin waɗannan lambobi ya sani. A Fabrairun 2021 sun karɓi baƙuncin Crystal Palace, suka buga sau 25, Palace sau 3, aka tashi Palace na da 2 suna da 1, Benteke ya ci ta ƙarshe a cikin ƙarin lokaci. A wasan da ya biyo baya suka je West Brom suka ɓarar da fenareti biyu, aka ci su ɗaya mai ban haushi. Sun gama kakar a mataki na 16 da maki 41, ƙwallo 40 kacal suka ci. Wanda ya dubi teburi zai ce ƙungiya ce da ta tsallake rijiya da baya. Amma a tsawon wasa 38 damar da suke samu ta fi wadda suke bari a samu a kansu, abin da ba a saba gani ba a ƙasan teburi. Masu kulob ɗin ba su kori kocin ba. Kaka ta gaba suka gama a na 9, ta bayanta kuma, bayan Potter ya tafi Chelsea De Zerbi ya karɓa, suka gama a na 6 suka samu gurbin gasar Turai karon farko a tarihinsu.

Ko a nan ma sai an yi hattara da yadda ake ba da labarin. A kakar da suka hau na 9, ƙwallo 42 suka ci, biyu kawai suka ƙaru. Wato ba bashin ƙwallaye aka biya su ba. Ƙungiyar da ta ci ƙasa da xG ɗinta bara ba ta da wani ajiya da za ta karɓa bana, kuma in shekara biyu a jere ana ɓarar da dama, to lokaci ya yi da za a daina cewa rashin sa'a, a fara duban masu bugun. Abin da lambar ta faɗa daidai shi ne tsarin wasansu ya fi matakin da suke kai, kuma wannan ya isa ya hana mai kulob yanke hukuncin da zai yi nadama. Haka abin yake ga ɗan wasa guda. Wanda ya ci 5 daga xG na 2 a wasa shida bai zama gwani ba tukuna, domin bugu goma sha biyar ko ashirin ba sa nuna komai. Sai an tara ɗaruruwan bugu a kakanni da dama kafin a ce lallai wannan ya fi matsakaici, kamar yadda aka gani ga Messi da Son Heung-min. Yawancin manyan masu cin ƙwallo ba da wannan suka yi fice ba, sun yi fice ne da yawan isa wurin da dama mai kyau take.

Bayan kwana biyu na sake haɗuwa da ƙanin nan nawa a wurin mai shayi, zuciyarsa ta ɗan yi sanyi. Na ce ya buɗe wasan a wayarsa, amma kada ya tsaya a lambobi biyun da ke sama, ya gangara zuwa taswirar da ke nuna kowane bugu da ɗigo, inda girman ɗigon ke nuna girman damar. Gefen Liverpool ya cika da ɗige-ɗige, ƙanana da matsakaita, a ciki da wajen yadi na 18. Gefen Madrid kusan fili ne fetal, sai wani babba guda a dab da bakin raga. Ya daɗe yana kallo, yana matso da hoton da yatsu biyu, sannan ya tambaye ni ina ta Benzema take. Na ce masa ba zai same ta a ciki ba.